Na kai rajistar makarantarmu a daidaita kwanan wata

Aikin yaron shagon da na kai wa yana da tsabta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Rajistar ɗaliban Islamiyyarmu ta Birni ce, wadda muka yi wa sikan, kuma kowane malami da yadda ya rubuta ranar haihuwa: wani 03/08/2012, wani 3 août 12, wani "né vers 2009" kawai, wato an haife shi wajajen 2009. Yaron shagon da ke kusa da babbar kasuwa ya ce zai juye su a Excel, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2012-08-03, tsarin ISO 8601. Shawarar ta yi mini, don haka babu mai ruɗa rana da wata, jerawa ma ba wuya. Jika biyar muka yi da shi.

Ina dubawa sai na ci karo da wata yarinya da duk unguwa ta san ranar bikin ƴancin kai aka haife ta, 3 ga Agusta. Takardarsa ta ce 2012-03-08, wato 8 ga Maris! Na ɗauko rajista ina gwadawa: duk kwanan da aka rubuta da lambobi zalla, in ranar ba ta wuce 12 ba, ya juye. Daga 13 zuwa sama lafiya lau.

Ashe kwamfutarsa saitin Amurka gare ta, can wata suke fara rubutawa. In ya buga 03/08/2012 sai ta karɓa shiru a matsayin Maris. In ya buga 25/08/2012, tunda babu wata na 25, sai ta bar shi rubutu, ya maƙale a hagun akwati, sauran suna dama. Waɗannan na hagun ya bi ya gyara da hannu, ya ɗauka su ne masu matsala, alhali ɓarnar tana cikin waɗanda suka zauna lafiya.

Da na koma ya ce, "Malam, ai na'ura ba ta kuskure." Nan raina ya ɓaci. Amma da na ajiye masa sikan ɗin ya gani, bai ƙara musu ba. Ya mai da layin "Text" tun kafin ya buga komai, ya sake kwafewa daga hoto, ya kuma bar layi guda na yadda aka rubuta a asali kusa da sabon. Bai nemi ƙari ba.

Har na so in ce ku je wurinsa, sai na tuna masu "né vers". Duk ya liƙa musu 01-01, ranar da babu ita a rajista. Sai da na sa ya goge, aka bar 2009 ita kaɗai. In za ku kai masa, ku tafi da kwanan wata biyu uku da kuka sani a ka, masu ranar da ba ta kai 13 ba, ku duba su kafin ku biya.