Kafin ka sayi na'urar juye tsohon kaset zuwa kwamfuta

Muna cikin haɗa shirin tarihi a kan babbar kasuwar Terminus ta Jos, wadda ta ƙone a shekarar 2002, sai wani dattijo da ya taɓa riƙe shago a cikinta ya aiko mana da kaset uku na VHS a ƙulle cikin leda. Ɗaya na bikin ɗansa ne. Mai ɗaukar bikin ya bi ayarin motoci har suka ratsa ta gaban kasuwar, ya tsaya yana nuna ginin da 'yan dako da allunan shaguna na wajen minti huɗu. Waɗannan mintuna huɗu su ne suka sa na zauna na koyi abin da zan faɗa a nan.

Da na je amsar kaset ɗin, dattijon ya ce mini, "Yaro, ka riƙe shi da amana, babu kwafinsa ko'ina." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Sai kuma na koma na yi abin da kusan kowa ke yi, wato na sayi 'yar ƙaramar na'urar nan ta USB mai wayoyi ja da fari da rawaya, wadda ake sayarwa da sunan EasyCap, na jona ta da wata tsohuwar bidiyo da na aro. Hoto ya fito, ba shakka. Amma ginshiƙan kasuwar sai rawa suke kamar ana kallonsu a cikin ruwa, fararen riguna sun ƙone babu alamar aikin da ke wuyansu, kuma kafin a kai tsakiyar kaset bakin mai magana ya riga muryarsa.

A lokacin na ɗora laifin duka a kan 'yar na'urar. Daga baya na gane rabin laifin ne kawai nata. Kan da ke karanta zaren kaset juyawa yake, zaren kuma ya tsufa ya saki, don haka layukan hoton ba sa isowa a daidai lokacinsu. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana haƙuri da wannan. Kwamfuta ba ta haƙuri: layin da ya makara sai ta ajiye shi a karkace, in abin ya yi yawa ta yar da hoton gaba ɗaya, sauti kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Daga nan saɓanin baki da murya yake farawa. Abin da ke gyara wannan shi ake kira TBC, wani sashe ne da ke tara layukan ya sake su bisa tsari. Saboda haka tambayar farko a wurin saye ba ita ce wace na'ura za a jona da kwamfuta ba. A fara da bidiyon da za ta karanta kaset ɗin.

A nan ne kuɗi ya fi cancantar shiga, kuma a nan ne wahalar samu take, domin kamfanin ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, Funai, ya daina tun 2016. Duk wadda za ka gani gwanjo ce. Waɗanda masu wannan aiki ke nema su ne na S-VHS masu TBC a jikinsu, irin su Panasonic NV-FS200 da NV-HS1000, ko JVC HR-S7600. Suna da mafitar S-Video, wadda ke fitar da haske daban, launi daban, ba kamar wayar nan rawaya da ke cakuɗa su ba. A kula da abu ɗaya: kaset ɗinmu na Najeriya tsarin PAL ne, irin na Ingila da Jamus. Bidiyon da aka yi don kasuwar Amurka tsarin NTSC take karantawa, wutarta ma 110 ce. Komai kyawunta da arharta, ba za ta yi maka aiki ba.

In wannan ta gagara, kuma sau da yawa takan gagara, akwai dabarar da na ƙare a kanta. Na samu bidiyo ta gida mai lafiya, na ratsa hotonta ta cikin na'urar DVD mai ɗauka, Panasonic DMR-ES10. Ba a ɗaukar komai a faifai. Hoton shiga yake ta baya ya fita, a hanya na'urar ta miƙar da layukan. Ginshiƙan kasuwa suka tsaya cak. Tana da nata aibin, takan ɗan ƙona wuraren da suka yi fari sosai, amma ga kaset mai rawa ribar ta fi hasarar nesa ba kusa ba.

Sai bayan an gama da wannan ake maganar abin da zai shigar da hoton kwamfuta. Ɗauka kai tsaye a faifan DVD shi ne mafi sauƙi, kuma ya isa in don iyali su kalla ne. Don shirin da za a tace, ban ba da shawara ba, saboda matse hoton ake yi, yayyafin da ke jikin kaset ya zama ƙananan murabba'ai waɗanda ke ƙara bayyana da zarar ka taɓa launi. Akwatunan nan masu mayar da wayoyi uku zuwa HDMI sun fi wannan muni, domin suna buɗa hoton su haɗe shi yadda suka ga dama tun kafin ya iso hannunka. Hanyar DV, wato mayar da hoton dijital ta akwatin Canopus ADVC-110 ko kyamarar MiniDV mai karɓar hoto daga waje, tana da kwanciyar hankali: sauti ba ya zamewa, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13. Matsalarta ita ce tana buƙatar mashigar FireWire, wadda kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da ita. Wanda kaset ɗinsa MiniDV ne ko Digital8 kuwa, wannan ce hanyarsa tilo mai kyau, domin bayanan da ke zaren ake kwafewa yadda suke, ba a rasa komai.

Ga VHS da ƙaramin kaset ɗin kyamara na Hi8, abin da na fi yarda da shi shi ne na'urar USB ta kirki mai mashigar S-Video, kamar I-O Data GV-USB2 ko Hauppauge USB-Live2, a ɗauka da manhajar VirtualDub ba tare da matsi mai zubar da bayani ba, a girman 720×576. Awa ɗaya tana cin wajen gigabait 30, don haka kaset E-180 mai awa uku zai kusan cinye gigabait ɗari. A saka kuɗin rumbun ajiya biyu a lissafi tun farko. Haka nan inbata, domin in wuta ta ɗauke zare na naɗe a kan bidiyo, ƙoƙarin zaro shi ne ke yaga shi.

Kafin kaset ya shiga bidiyo mai tsada, a leƙa tagarsa. In an ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin zaren, fumfuna ce, kuma ba baƙuwa ba ce a ɗakunan da ke shan damshin damina a Jos. Ɗaya daga cikin ukun da Baba ya ba mu haka yake. Irin wannan yana toshe kan bidiyo cikin daƙiƙoƙi, sannan ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Sai an share shi a wata bidiyo ta daban da ba a jin asararta. Shi kuwa kan, da farar takarda da aka jiƙa da sifirit ake goge shi, ana juya gangar a hankali. Auduga tana maƙalewa ta karya shi.

Yanzu ga inda mafi yawan shirye-shirye ke lalacewa, ko da an juye da kyau. Hoton PAL ba cikakkun hotuna 25 ba ne a daƙiƙa yadda kyamarar yau ke ɗauka. Rabi-rabi 50 ne: layukan mara a wani lokaci, layukan cika bayan ɗan ƙiftawa. In ka jefa shi haka nan cikin aikin zamani, duk abin da ke motsi zai fito da haƙora kamar matsefi a gefensa. Na'urori masu arha kan magance wannan ta hanyar zubar da rabi ɗaya, ka ga an yi asarar rabin tsabtar hoton ke nan har abada. Abin da ya dace shi ne a ɗauko rabin biyu duka, a ajiye wannan a matsayin uwar kwafi da ba a taɓawa, sannan a fitar da kwafin aiki mai hotuna 50. Manhajar QTGMC ta fi kowa iya wannan, amma saita ta sai mai haƙuri. Ni kuwa da manhajar ffmpeg na yi:

```
ffmpeg -i kaset1.avi -vf "bwdif=mode=send_field:parity=tff,crop=704:576:8:0,scale=1440:1080:flags=lanczos:in_color_matrix=bt601:out_color_matrix=bt709,setsar=1" -c:v prores_ks -profile:v 3 -c:a pcm_s16le kaset1.mov
```

In ka ga motsi yana gaba yana baya kamar mai sanɗa, jerin rabin ne ya juye, sai ka mayar da `tff` zuwa `bff`, wanda shi ne na DV. Sashen `bt601` zuwa `bt709` kuma shi ke hana launin fata da na ganye su sauya idan tsohon hoto ya zauna kusa da sabo.

Girman 1440×1080 da gangan ne. Tsohon hoto 4:3 ne, allon yau 16:9. Masu ja shi ya cika allo su ne ke mayar da siririn ango ƙato. Masu zuƙo shi kuma suna yanke kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, kuma a namu kaset ɗin allunan shaguna a sama suke. Na bar shi da baƙi a gefe biyu, na rufe 'yan layukan da ke yagewa a can ƙasa, waɗanda kowane VHS yake da su. Sabbin hirarrakin kuma muka ɗauke su a hotuna 25 a daƙiƙa, ba 24 ko 30 ba, don 50 ta rabu biyu daidai. Wannan ya ba mu wata garaɓasa: muka rage gudun wucewar motoci zuwa rabi, ya tafi sumul ba tsalle.

Wajen wanke yayyafi, hannu ya zama da sauƙi. Na taɓa ƙure shi, fuskokin 'yan biki suka koma kamar na 'yar tsana, zanen atamfa ya narke. Na dawo da shi ƙasa, na fi mai da hankali ga launin da ke malalowa daga jan hula da kuma gunjin wuta mai 50 Hz da ke ƙarƙashin sauti.

Wanda kaset ɗinsa bai wuce biyar ko shida ba, sayen duk waɗannan kaya bai biya shi, gara ya kai wa masu sana'ar. Haka ma mai U-matic ko Betacam, irin na gidajen talabijin, domin injinansu ba na gida ba ne. Jos, mai Hukumar Fina-finai ta Najeriya da Kwalejin Talabijin ta NTA, ba ta rasa tsofaffin ma'aikatan da suka san waɗannan injina, kuma ta wurinsu ya kamata a fara cigiya. Duk wanda za ka ba aiki, tambaye shi wace bidiyo yake amfani da ita, ko akwai TBC a layinsa, da irin fayil ɗin da zai ba ka. In ya ce zai sa maka kaset mai awa uku a fayil ɗin da bai kai gigabait biyu ba, na kallon waya zai yi maka. Ka ce ya fara juye minti biyar na wurin da ke da ƙofa ko turken wuta da mutum mai magana, ka duba ko turken a miƙe yake. Sannan ya juye kaset guda cikakke, ka tsallaka minti na ƙarshe ka ga ko baki da murya suna tare, kafin ka miƙa masa sauran.