3G, 4G ko 5G: Waya Za Ka Canza ko Tsarin Data?

Kafin ka kashe ko sisi, dubi saman fuskar wayarka. Idan H ko H+ kake gani kullum, a kan 3G kake. Sako zai tafi, amma bidiyo sai ya yi ta tsayawa. Ga shi kuma kamfanoni a kasashe da dama suna rufe 3G. A nan matsawa zuwa 4G ya zama dole, sai dai wani lokaci ba wayar ce matsalar ba. Tsohon layi ne, ko kuma an kulle ta a 3G cikin saiti. Zabi LTE, wato 4G, ka gani tukuna.

Tsakanin 4G da 5G kuwa, lissafin daban ne. 5G na bukatar abu uku a tare: waya mai dauka, tsarin data mai ba da dama, da eriya kusa da kai. Siginar 5G mafi gudu ba ta cin dogon zango, bango ma yana raunana ta, don haka kana shiga daki wayar na iya komawa 4G. Mai sauke manyan fayiloli ko raba intanet ga kwamfuta zai ga bambanci. Mai hira da kallon bidiyo kawai, 4G ta ishe shi, gara ya kara data.