Cokali Biyu, Tambari Iri Biyu: Wanne Ne Azurfa?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsofaffin cokula biyu na Ingila. A bayan ɗaya akwai zaki, kan damisa, harafin E, kan wata mace da haruffa biyu. Ɗayan kuma haruffa huɗu ne masu lanƙwasa, kowanne a ɗan gidansa, da A1 a gefe. Wanne ne azurfa, kuma yaushe aka ƙera su?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na farkon ne azurfa. Na biyun ruwan azurfa kawai aka zuba masa. Abin da ya raba su shi ne wanda ya buga tambarin: na farko hukumar gwajin ƙarfe ce ta buga bayan ta gwada, na biyu kuwa kamfani ne ya buga wa kayansa da kansa.

Ki fara wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi, sannan ki duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10, haske na zuwa daga gefe. Kada ki dirje shi da man goge ƙarfe, don yawan guga ne ke cinye tambari.

Zakin da ke tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya yana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Kan damisa alamar ofishin gwaji na Landan ne. Da anka, wato ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, kika gani, da Birmingham ne. Kan macen kuwa Sarauniya Victoria ce, shaidar an biya haraji. An fara buga kan mai mulki a 1784, aka daina a 1890, don haka cokalinki bai wuce 1890 ba, kuma bai riga hawanta mulki a 1837 ba.

Harafin shekara ne ke tuntsurar da mutane. A wancan zamanin Landan tana amfani da haruffa 20, daga A zuwa U ban da J, idan sun ƙare a sake zagayowa da wani salon rubutu da wata siffar gida. Kenan E kaɗai ba ta gaya miki komai sai kin kalli kamanninta. Idan babbar E ce miƙaƙƙiya irin ta bugun littafi, zagayen da ya fara da A a 1876 ne, wato 1880. Irin wannan E ɗin ta fito a 1800 ma, sai dai a lokacin damisar na sanye da kambi, wanda aka cire a 1821, kuma kan sarki namiji ne a gefe. Idan kuma mai lanƙwasa ce, to ɗaya daga zagaye biyu na baya ne, 1840 ga babba, 1860 ga ƙarama. Kuma fa kada ki duba harafin Landan a jadawalin Birmingham: kafin 1975 kowane ofishi da lissafinsa.

Haruffa biyun nan farkon sunan maƙerin ne, ko kamfanin da ya kai kayan gwaji. A bar su sai ƙarshe, don maƙera da yawa sun yi tarayya a haruffa iri ɗaya. Sai an san gari da shekara ake iya tantance mai su.

A cokali na biyu, ki natsu ki karanta haruffan nan masu lanƙwasa, da wuya ba EPNS za ki gani ba. Ma'anarsa an haɗa jan ƙarfe da nikel da tutiya, aka lulluɓe da siririn ruwan azurfa ta hanyar lantarki. Da gangan ake jera su a ƙananan gidaje don su yi kama da tambarin hukuma daga nesa. A1 kirari ne da kamfani ya yi wa kansa cewa rufin mai kauri ne, babu wanda ya auna. Ki juya cokalin ki kalli ƙugun da ke taɓa tebur da bakinsa: inda rufin ya cinye za ki ga ƙarfen ciki ya leƙo, launinsa ya ɗan yi fatsi-fatsi. Shekararsa ba ta fita daidai, iyaka dai bai riga 1840 ba, shekarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar wannan dabara. Maganaɗisu ba zai raba gardama ba, duka biyun ba ya kama su.

Haka abin yake a zinariya. Lamba 375, 750 ko 916 tare da alamar gari karat 9, 18 da 22 ke nan, amma GP ko GF rufi ne. Zoben Ingila mai 15 da .625 kuwa ya faɗi zamaninsa da kansa, don tsakanin 1854 da 1932 kaɗai aka buga wannan ma'auni.