Ƙofar iskar cikin silin: me za ka saya, kuma faɗi nawa ya isa?

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin silin ya leƙa da ƙarfe biyu na rana a watan Maris a Kumasi ya san abin da ke kwance a saman kanmu. Iskar wajen tana dukan fuska kamar an buɗe tandar burodi. Kwano ya gasa ta tun safe, ba ta da hanyar fita, sai ta zauna a kan silin tana tura zafi cikin ɗaki har bayan isha'i. Maganinta hanya biyu ce da ke aiki tare: mashiga a bakin rufi, wato ƙarƙashin kwanon da ya zarce bango, da mafita a kan doro, can inda gangaren kwano suka haɗu. Iska mai zafi tana tashi ta fice ta sama, ta ƙasa kuma ta biyo bayanta. In ɗaya ta toshe, ɗayar ma kusan ado ce.

Lokacin da yayana yake rufin gidansa a Aboabo, kafinta ya nuna masa ramuka huɗu da zai yanka a silin ɗin bakin rufi, ɗaya a kowace kusurwa, kowanne santimita 30 da 15, ya ce zai lulluɓe su da ragar sauro. Ya ce, "Alhaji, haka muke yi wa kowa." Na ce, "Masta, bari mu ɗan yi lissafi tukuna kafin ka yanka."

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita daga dokar ginin gidaje ta Amurka take: a raba faɗin silin gida 150, kashi ɗaya shi ne ƙofar iskar da ake bukata. Suna yarda a sauko zuwa kashi ɗaya cikin 300 in an cika wasu sharuɗɗa, amma ni ba na ba wa mutumin Kumasi shawarar haka. Su babbar damuwarsu laima ce da ke taruwa a rufi lokacin sanyi, mu kuwa zafi muke kora, kuma zafi ya fi son ƙofa mai faɗi. A wajenmu ɗaya cikin 150 shi ne mafi ƙanƙanta, in ka wuce shi ba ka yi asara ba.

Gidan Yaya tsawonsa mita 12 ne, faɗinsa 9, silin ɗinsa ke nan murabba'in mita 108. In aka raba da 150 ana samun 0.72, wato murabba'in santimita 7,200. Mun bar wa bakin rufi kashi 60 cikin ɗari, 4,320, doro kuma ya ɗauki 2,880. Dalilin da ya sa ƙasa ke ɗaukar kaso mafi tsoka shi ne, in mafita ta fi mashiga girma, iskar da ke fita za ta nemi cikon ta daga cikin ɗaki, ta ramin ƙwan lantarki da gefen fanka da murfin silin. Mai na'urar sanyaya ɗaki sai ya riƙa biyan kuɗin wuta don sanyaya rufi.

Inda mai saye ke faɗawa rami shi ne nan. Wannan adadi ba girman ramin da aka yanka ba ne, girman wajen da iska ke iya ratsawa ne bayan an cire abin da raga da katako suka tare. Raga mai manyan idanu, kamar milimita 6, kusan ba ta rage komai. Mai idon milimita 3 tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ragar sauro kuwa rabi take cinyewa, in aka haɗa ta da luba abin da ke saura bai wuce sulusi ba. To ramin Masta na 30 da 15 murabba'in santimita 450 ne, da ragar sauro ya koma 225. Huɗu sun ba da 900, ana neman 4,320. Irinsu ashirin ake bukata. Da ya ji haka sai ya cire fensirin da ke bayan kunnensa ya sake bugawa a jikin wani guntun katako, sannan ya yi shiru.

A bakin rufi zaɓi uku ne ke gabanka. Na farko waɗannan ramuka ne masu raga. Ba su da laifi in an yi su da yawa kuma an jera su ko'ina, kuma su ne mafi sauƙi a gidan da aka riga aka gama, tunda yanka kawai za a yi. Na biyu silin ɗin roba ne mai ƙananan huji, wanda ya fi kyau a ido. Kafin ka biya, ɗaga falle ɗaya sama ka duba ta cikinsa. Huji mai faɗin santimita ɗaya bai kai murabba'in santimita ɗaya ba, kuma gidan Yaya zai bukaci irinsa kusan 5,500. In mai shago bai iya faɗa maka yawan ƙofar iska a kowace mita ba, ƙirga hujin da ke cikin faɗin tafin hannu ka auna da kanka. Sau da yawa za ka tarar dole ne duk kewayen bakin rufin ya zama mai huji, ba falle ɗaya nan ɗaya can ba.

Na uku, wanda ni na fi so, dogon tsagi ne da ake bari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a bayan katakon da ke rufe bakin rufi, a lulluɓe shi da raga. Ba abin saye sai raga da siraran katako. Ko da dogayen ɓangarori biyu na gidan kawai aka lissafa, sun ba da mita 24. In aka raba 4,320 da 24, kowace mita tana son 180, wato tsagi na santimita 1.8 in babu raga. Da raga mai idon milimita 3 ya zama biyu da kwata, da ragar sauro uku da rabi da ɗoriya. Mun ce Masta ya bar santimita biyar, saboda katakan rufi suna tare wani sashe, ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo kuma za su ci nasu rabon. Game da raga, mai idon milimita 3 ta isa ta hana jemage da ɓera da tsuntsu, kuma ba ta saurin toshewa. Ragar sauro sai in silin ɗinka yana da kafofin da sauro zai sauko ta nan. Kada a bari ragar jan ƙarfe ta taɓa kwanon alusinki, tana cin sa. 'Yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango a Accra, da iskar teku ke kaiwa gare su, su guji ragar baƙin ƙarfe, tsatsa ba ta barin ta.

Akwai wani abu da ya kusa ɓata mana aikin duka. Birkila ya ɗaga bulo har ya taɓa kwano, ya cike tsakanin katakai da siminti, wai don kada ɓera ya shiga. Da an bar shi haka, iska za ta shiga tsagin ta ci karo da bango ta tsaya. Sai da aka fasa aka bar tazarar kamar santimita biyar tsakanin kan bango da kwano. Wannan ita ce cutar gidaje da yawa da ke da raga mai kyau daga waje amma ɗakunansu na tafasa.

Doro ya fi wuya, domin nan ruwan sama yake neman hanya. In rufin mai gangare biyu ne, doronsa ya kai tsawon gida, abin da sauƙi. A bar rabin mita a kowane ƙarshe, saura mita 11. Raba 2,880 da 11 yana ba da kusan 260 a kowace mita, wato santimita 1.3 a kowane gefe na hular doro, a mai da shi santimita biyu saboda raga. Ana ɗaga hular kaɗan a kan ƙarafa, kwanon ɓangarorin biyu ba sa haɗewa a ƙarƙashinta, a lanƙwasa bakin kowane falle sama don ya tare ruwan da iska ke turowa. Nemi hula mai faɗin fuka-fuki. Siririyar hula tana da araha, amma hadarin farkon damina da ke zuwa da iska a kwance zai nuna maka dalilin arharta a jikin silin.

Sai dai rufin Yaya mai gangare huɗu ne, irin wanda ake yayi, kuma doron irin wannan gajere ne. A gida mai 12 da 9 mita uku kacal ya rage. Don a sami 2,880 daga mita uku sai an buɗe kusan santimita biyar kowane gefe, wannan kuwa gayyatar ruwa ne. A nan mutum zai zaɓa tsakanin kwandon ƙarfen nan mai juyawa da iska da kuma 'yar taga mai kusurwa uku a kowane ƙarshen doro.

Kwandon yana burge mutane don ana ganin yana aiki. Amma maƙogwaronsa za ka auna, ba kansa ba. Mai maƙogwaron santimita 30 ƙofarsa kusan 700 ce, don haka huɗu ake bukata a wannan gida, ba ɗayan da ake ɗorawa a tsakiya ba. In akwai iska yana ja fiye da rami kawai, in iska ta kwanta ya zama rami kawai. Kowanne yana nufin an huda kwano, kuma yana da boris da ke tsufa ya fara kuka cikin dare. Ga gidan da aka riga aka rufe, ko rufin da aka ɓoye a bayan bango, yakan zama shi ne hanyar da ta rage, muddin an nema masa mashiga a ƙasa.

Mu tagar muka ɗauka, tunda ba a kafa katakan rufi ba tukuna. Gindinta santimita 120, tsayinta 40, faɗinta ke nan 2,400. Luba da raga mai idon milimita 3 sun cinye fiye da rabi, saura kamar 1,070, biyu sun ba da 2,140. Muka ƙara da ɗaga hular doron nan mai mita uku, santimita ɗaya da rabi kowane gefe bayan an cire rabon raga, ta kawo 900. Jimla ta haura 2,880. Babu abin da ke juyawa balle ya lalace, sai dai a tabbata lubar ta sunkuya sosai waje.

Kada mai shago ya ce maka wannan zai mai da ɗaki firij. Ƙofar iska tana fitar da iskar da ta yi zafi, amma kwano yana kuma haska zafinsa kai tsaye kan silin kamar garwashi, kuma iska ba ta ɗauke wannan. Abin da ke rage shi kwano ne mai farin launi, ko takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano. In za a shimfiɗa ta, a tsaga ta a doro, kada ta rufe mafitar.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, hau ka leƙa cikin silin da rana. Ya kamata ka ga zaren haske ya kewaye bakin rufi, inda ya yanke akwai abin da ya toshe. Sannan ka kunna maganin sauro mai hayaƙi da misalin ƙarfe biyu, lokacin da iska ta lafa, ka riƙe shi ƙarƙashin tsagin. A gidan Yaya hayaƙin ya lanƙwasa ya shige a ɓangarori uku, a na huɗu ya tsaya yana yawo. Da Masta ya hau ya duba, sai ya zaro buhunan siminti biyu da yaran birkila suka cusa a wajen.