Ciniki da naira da sefa: rasit, Excel ko manhaja?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayar wa mutanen Maraɗi atamfa yakan faɗi farashi da naira da kuma sefa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, canji na iya sauyawa tsakanin ranar ciniki da ranar biya. Saboda haka kafin ka zaɓi inda za ka riƙa rubuta oda, duba ko yana ajiye canjin ranar ciniki a jikin kowace oda.

A ce ka sayar da kayan sefa 500,000 ranar da sefa 1,000 take naira 2,500. Cinikin ya kama naira 1,250,000. Mai saye ya ba da rabi, ya kawo cikon sefa 250,000 bayan canji ya koma 2,700. Cikon da ka rubuta a naira 625,000 yanzu ya zama 675,000. Wannan 50,000 ba ribar atamfa ba ce, ribar canji ce, kuma gobe tana iya zama asara. A wurinta daban ya kamata a rubuta ta.

Rasit na takarda ya fi araha, kuma canjin da biro ya rubuta ba ya motsi. Ya wadatar idan odar ba ta da yawa, muddin an rubuta da wane kuɗi ake bin bashin, domin a nan rigima take tashi.

Excel ya fi sauri, amma a nan aka fi yin kuskure. Mutum zai sa canji a gida ɗaya, kowane layi yana ɗauka daga can:

```
=B2*$F$1/1000
```

A nan B2 kuɗin sefa ne, F1 kuma canjin sefa 1,000. Ranar da ya sauya F1 daga 2,500 zuwa 2,700, tsohon cinikin nan zai koma 1,350,000 ba tare da an taɓa shi ba. Idan ka ga jimillar watan jiya ta sauya da kanta, ga dalilin. Maganinsa kowane layi ya samu nasa canjin da aka buga da hannu, watau `=B2*C2/1000`, inda C2 ke ɗauke da canjin layin.

Manhajojin lissafi irin su Odoo, Zoho Books da QuickBooks Online suna ware ribar canji da kansu, sai dai wasu sukan sa wannan a tsarin da ya fi tsada. QuickBooks Online kuma, in ka kunna kuɗi biyu ba ya kashewa. Kafin ka biya, gwada ko za ka iya buga canjin Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, da hannunka maimakon wanda manhajar ta ɗauko, sannan ka tabbata XOF ka zaɓa, sefar Nijar, ba XAF ta Kamaru da Chadi ba. Ka kuma gwada dawo da kaya: idan aka mayar da kuɗi da canjin yau maimakon na ranar ciniki, nemi wata. A ganina, wanda ba ya ba da bashi bai buƙaci wuce Excel ba.