Gada ko dila? Abin da hoton dare ke iya nunawa

"Kyamarar da na ɗaura a jikin bishiya ta ɗauko idanu biyu masu ƙyalli da ƙarfe biyun dare, hoto na biyu kuma bayan dabbar kawai ya fito. Gada ce ko dila?"

Malam, fara da cire launin ido daga lissafi. Ƙyallin nan yana fitowa ne daga wani shimfiɗi da ke can cikin ido, mai mayar da haske kamar madubi, kuma gada da dila duk suna da shi. Yawancin kyamarorin nan da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, suke ɗaukar hoton dare, shi ya sa hoton ke fitowa baƙi da fari, kowane ido ya zama farin ɗigo. Girman ɗigon ma ba hujja ba ne, domin dabbar da ta matso kusa idonta kan yi ƙato.

Abin dubawa shi ne inda idanun suke zaune. Na dila suna gaban fuska, kusa da juna, don haka ko ya ɗan karkata kai, biyun za su haska kusan daidai. Na gada suna gefen kai. In ta ba kyamara gefe, ɗigo ɗaya za ka gani. In ta fuskance ta, ɗigon biyu za su yi nesa da juna, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya haske.

Tsayi ba zai raba maka gardama ba. Gada kan kai wajen santimita 50 a kafaɗa, dila kuwa 40 zuwa 50, kuma ciyawa kaɗan ta isa ta cinye wannan bambancin.

Ni hotonka na biyu na fi so, wanda kake ganin ya lalace. Buɗe shi ka bi layin gadon baya. Na gada a gantsare yake sama kamar baka, ƙugunta ya ɗara kafaɗa tsayi, ƙafafu sirara, wutsiya ɗan guntu manne da jiki. Bayan dila a miƙe yake, wutsiyarsa buzu-buzu tana reto har wajen gwiwar ƙafar baya. In ka ga wutsiyar nan, magana ta ƙare. In ba ka gan ta ba, kada ka yi saurin cewa gada ce: kyamara na jinkirin rufe ido da dare, abin da ke motsi sai ya narke ya zama hazo, kuma wutsiya ce ke fara ɓacewa. Sai ka duba ƙafar da ke dafe da ƙasa, ita ce ta fi fitowa sarai, ka ga ko kofato ne ko dagi.

Kafin daren gobe, saita kyamarar ta riƙa ɗaukar hoto uku a jere, ka sauko da ita zuwa tsayin gwiwarka, ka kuma karkatar da ita ta kalli hanyar dabbobin a kaikaice, don dabbar ta daɗe a gabanta.