Abin da na gani a gidajen tarihin Napoli da Landan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ka tambaye ni wane gari ya fi kyautata wa mai son tarihi, Napoli inda na fara zama ko Landan inda nake yanzu. Zan auna su da abu guda, wato labaran mutanen zamanin da game da wanda ya sauka ƙasar matattu ya dawo.

A Napoli sai ka yanki tikiti kafin ka shiga gidan kayan tarihi, ban da ranar Lahadin farko ta kowane wata, amma kuɗina bai tafi a banza ba. Akwai wani sassaƙen dutse na Orfiyus, mawaƙin Girkawa da ya bi matarsa Yuridisi ƙasar matattu bayan maciji ya sare ta ta mutu, aka ba shi ita bisa sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fito. Masassaƙin ya kama daidai lokacin da ya waiwaya: matar ta ɗora hannu a kafaɗarsa, mai rakiyar matattu kuma ya riƙe mata ɗaya hannun zai mayar da ita. Na daɗe tsaye a wurin, domin ya tuna mini rasuwar Inna.

Abin da Landan ba ta da shi shi ne wurin kansa. A yammacin Napoli akwai tafkin Aberno, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, wanda Rumawa suka ɗauka ƙofar ƙasar matattu ce, kuma ana zagaya shi da ƙafa ba tare da biyan ko sisi ba. Ta nan aka ce Iniyas, jarumin tatsuniyar Rumawa, ya sauka riƙe da reshen zinariya domin ya ga mahaifinsa. Sau uku ya yi ƙoƙarin rungumarsa bai kama komai ba, sai dai ya fito da sanin zuriyar da za ta kafa Rum.

Gidan Tarihin Birtaniya kuwa kyauta ake shiga kullum, kuma a nan aka ajiye allunan yumɓu na ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal na Ninawa, kusa da Mosul, daga ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinsu akwai labarin Ishtar, abar bautar mutanen tsohuwar Iraƙi, wadda ta ratsa ƙofofi 7 na ƙasar matattu, ana tuɓe mata ado ɗaya a kowace ƙofa, daga kambi har suturar jikinta. Da aka yayyafa mata ruwan rai ta fito, abin da ta samu kawai kayanta ne da aka mayar mata. A tsohuwar ruwayar Sumeriyawa, mutanen kudancin tsohuwar Iraƙi, ma sai da ta ba da mijinta Dumuzi a madadinta.

Allunan ƙanana ne, bayanin da ke gefensu gajere ne, don haka wanda bai karanta labarin tun daga gida ba zai wuce su cikin cunkoso. Idan Allah ya kawo ka, Napoli zan fara kai ka.